Nazarin lamari: ta daina shan dekza kwana biyar, awon jininta ya zube

Matar da za a yi bayani a kanta ba mutum ɗaya takamaimai ba ce. An tsara lamarin ne daga irin marasa lafiyar da ake kawowa asibitocinmu da wannan matsala, kuma alƙaluman gwajin da za a gani irin waɗanda ake samu ne a yanayin.

Shekararta 29, tela ce, 'ya'yanta biyu. Yayarta ce ta kawo ta sashen gaggawa da la'asar, ba ta iya tsayuwa sai an riƙe ta. Kwana biyu ke nan tana amai da ciwon ciki, jiri na ɗibarta duk lokacin da ta miƙe. Awon jininta 80/50, zuciya na bugawa sau 118 a minti, zafin jiki 37.8, sugan jini 3.1 mmol/L. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai shi, sai aka ɗauka an gano bakin zaren. Aka fara maganin zazzaɓi, aka yi mata allurar ruwan suga, aka ɗaura ƙarin ruwa. Leda ta farko ta ƙare, aka ɗaura ta biyu, awon jinin bai motsa daga inda yake ba.

Nas ɗin da ke neman jijiya ce ta fara lura da fatar hannunta. Ta yi siriri har ana ganin ƙananan jijiyoyi ta ciki, kuma da aka ɓare filasta sai wurin ya ɗaye. Da likita ya sake duba ta a tsanake sai sauran abubuwa suka fito. Fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a bayan wuya da saman ƙashin ƙirji, ciki ya yi girma, amma cinyoyi da damatsa sun zube. A gefen ciki da hamata akwai nankarwa mai faɗi, ta fi faɗin yatsa, launinta ya yi duhu. A ƙarƙashin nono da matse-matsi akwai makero da ya bazu.

Ya juya wajen yayar. "Hajiya, akwai wani magani da take sha kullum, ko da ba likita ne ya rubuta mata ba?"

"Wallahi likita sai dai wannan na ƙiba, wanda ake cewa sha-ka-fashe. Amma ai ta daina. Rasuwa aka yi mana muka tafi ƙauye, ta manta shi a gida. Yau kwana biyar."

"To man shafawa fa?"

"Akwai wanda ake haɗa mata. Shi ma bai bi mu ba."

Da aka kawo ledar daga gida, ƙwayar dekzametazon ce mai miligiram 0.5, wadda kowa ke kira dekza, sitiroyid mai aiki irin na kotisol, sinadarin da jiki ke yi da kansa. Guda huɗu take haɗiya bayan sallar isha'i, wata goma sha huɗu a jere. Man kuwa an zuba masa kilobetasol, wanda yana cikin mayukan sitiroyid mafi ƙarfi, kuma duk jiki take shafe shi safe da dare.

Ba a jira sakamako ba

Likitan ya sa aka ɗebi jini don auna kotisol da gishirin jini, aka rubuta lokacin ɗiba a jikin kwalbar, sannan nan take aka yi mata allurar haidirokotizon, wato kotisol na magani, miligiram 100 ta jijiya. Daga nan aka ci gaba da miligiram 50 duk awa shida, wato 200 a awa ashirin da huɗu, tare da ƙarin ruwan gishiri da na suga. Kafin tsakar dare awon jininta ya hau zuwa 105/65, aman ya tsaya, ta nemi a ba ta shayi.

Wannan tsari shi ne daidai, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Allura ɗaya ta haidirokotizon ba ta yi wa wanda bai buƙace ta wata illa ta a-zo-a-gani, amma jinkirta ta ga wanda ya buƙata yana iya zama ajalinsa. A wurare da yawa sakamakon kotisol sai ya kwana biyu ko fiye kafin ya dawo. Nata ma sai a rana ta uku ya iso: 58 nmol/L. Sodiyam 126, ya yi ƙasa. Fotasiyam 4.2, lafiya lau.

Adadin 58 shi kaɗai ba ya cewa komai. Da a ce mai lafiya ce, tana barci, aka ɗebi jinin da ƙarfe sha biyun dare, babu wanda zai ɗaga gira. Amma jinin la'asar ne, na mace mai zazzaɓi da amai wadda awon jininta ya faɗi, lokacin da ya kamata a ga kotisol ya haura 500. Shi ya sa takardar kotisol da ba a rubuta lokacin ɗibar jini a kanta ba kusan asarar kuɗin mara lafiya ce.

Yadda kotisol ke hawa da sauka a yini

Kotisol sinadari ne da ƙananan halittu biyu ke yi, ana kiransu adirenal, kowanne yana zaune a saman ƙoda, nauyinsa bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba. Ba sa zuba shi bai-ɗaya. A jikin mai barcin dare, kotisol yana kai wa ƙarshen saukarsa wajen tsakar dare. Da misalin ƙarfe biyu zuwa uku sai ya fara hawa, mutum na barci bai sani ba. Kafin kiran asuba ya yi nisa, sannan bayan farkawa da minti talatin zuwa arba'in da biyar ya ƙara yin tsalle ya kai ƙololuwa. Daga hantsi sai ya riƙa gangarowa a hankali, har ya sake kwantawa da dare. A cikin wannan babban hawa da sauka akwai ƙananan feshi da ke zuwa kusan kowace awa, na safe manya, na dare ƙanana.

Hawan yana da dalili. Mutum ya kwana bai ci komai ba, ga shi zai tashi ya miƙe, ya yi alwala, ya fita nema. Kotisol ne ke sa hanta ta ƙera suga ta saki cikin jini, kuma shi ke sa jijiyoyin jini su amsa umarnin matsewa, don kada jini ya taru a ƙafafu idan an miƙe. Tun kafin buƙatar ta zo yake shirya jiki.

Saukar ma tana da nata aikin, kuma ita ce mutane ba su cika lura da ita ba. A waɗannan awanni da kotisol ya kwanta ne barci mai nauyi ke samuwa, insulin ke samun sararin aiki, tsoka da fata da ƙashi ke gyara abin da ya lalace, sojojin garkuwar jiki ke ƙaruwa a cikin jini. Jiki yana buƙatar ƙarancin dare kamar yadda yake buƙatar yawan safe. Shi ya sa a cutar da Harvey Cushing ya bayyana a 1932, wadda ƙari a fituwitari, wata halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ke haddasawa, ɗaya daga alamun farko da gwaji ke kamawa ita ce kotisol ya ƙi sauka da dare, ko da na safe bai wuce ƙa'ida ba.

Mai riƙe da lokacin wani ƙaramin gungun ƙwayoyi ne a ƙwaƙwalwa, can saman inda jijiyoyin ido ke gittawa, kuma da hasken da ido ke gani yake saita kansa. Saboda haka agogon ba ya juyawa a dare ɗaya. Mai gadi ko nas da ke aikin dare, ko wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi, kotisol ɗinsa na ƙarfe takwas ba lallai ya zama na safiyar jikinsa ba. Ya kamata a tambayi mara lafiya lokacin da yake barci kafin a fassara masa sakamako.

Abin da fituwitari ke yi, da abin da dekza ta yi masa

Adirenal ba ya aiki da ra'ayin kansa. Umarni na fitowa daga haifotalamas a gindin ƙwaƙwalwa, ta sinadarin da ake rubutawa CRH. Shi ke taɓa fituwitari, wata halitta da nauyinta ke kusa da rabin giram, tana rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa cikin wani ɗan rami na ƙashi. Fituwitari sai ya saki ACTH cikin jini, ACTH ya isa adirenal, cikin 'yan mintuna kotisol ya fito. Kotisol ɗin kuma yana zagayowa ya koma wa haifotalamas da fituwitari, ya shaida musu cewa ya isa haka, su rage.

Abin ya yi kama da uwargida da ɗan garuwa. Tana leƙa randa, idan ruwa ya yi ƙasa ta kira shi. Idan wani ya riƙa cika mata randar kullum, za ta daina kira. In aka daɗe a haka, ɗan garuwan zai sayar da kurarsa da jarkokinsa. Ranar da mai cika randar ya daina zuwa, ko ta kira babu abin da za a kawo ruwan da shi.

ACTH ba umarni kaɗai yake kaiwa ba, shi ne ma yake riƙe da girman ɓangaren adirenal da ke yin kotisol. Idan ya ɗauke na makonni, ɓangaren sai ya fara tsukewa. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, wanda ya sha sitiroyid ƙasa da mako uku zuwa huɗu yana iya dainawa kai tsaye, wanda ya wuce haka da adadin da ya fi abin da jiki ke yi sai an janye masa a hankali.

Yanzu a auna abin da take sha. Dekza miligiram 0.75 daidai take da firedinisolon miligiram 5, daidai kuma da haidirokotizon miligiram 20, wanda shi ne kusan abin da ake bai wa babban mutum a yini idan jikinsa ba ya yin kotisol sam. Ƙwayoyinta huɗu miligiram 2 ne, wato kimanin haidirokotizon 53, ninki biyu da rabi na buƙatar jiki da ɗoriya. Wannan ba wani adadi ba ne mai ban tsoro idan aka kwatanta da abin da ake bayarwa a asibiti. A ganina abubuwa biyu ne suka fi adadin yin ɓarna.

Na farko daɗewar maganin a jiki. Kotisol na asali rabinsa yana barin jini cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa yake iya sauka da dare. Aikin dekza kuwa yana wuce awa talatin da shida. Kafin ta jiya ta saki jiki, ta yau ta hau kanta. Wata goma sha huɗu jikin matar nan bai ga daren da kotisol ya kwanta ba.

Na biyu lokacin shan. Akwai gwajin da ake yi wa wanda ake zargi da cutar Cushing: a ba shi dekza miligiram 1 tsakanin ƙarfe sha ɗaya da sha biyun dare, a auna kotisol da ƙarfe takwas na safe. A jikin mai lafiya wannan ƙwaya ɗaya tana danne shi zuwa ƙasa da 50 nmol/L, domin ta iso daidai lokacin da fituwitari ke shirin fara hawan asuba. Matar nan ninki biyu na wannan gwajin take yi wa kanta kowane dare. Da ta tambayi mai kemis dalilin da ya sa ya ce da dare, amsar da ya ba ta ita ce don ta yi barci a kansa ya fi kama jiki. Ya kama kuwa.

Man shafawar ma ba ɗan rakiya ba ne. Kilobetasol yana ratsa fata ya shiga jini, kuma giram biyu kacal a yini ya isa ya fara danne fituwitari a jikin wasu. Idan fata ta yi siriri, ana shafawa a faffaɗan wuri, ga zafi da gumi, abin da ke shiga yana ƙaruwa. Akwai matan da ba su taɓa haɗiyar ƙwaya ba, mai kaɗai ya kai su wannan gadon.

Kwana biyar ɗin ma sun yi daidai da lissafi. Ranar farko da ta biyu ragowar dekza na riƙe da ita. Ta uku ya ƙare, ga zazzaɓi ya shigo yana neman kotisol mai yawa, adirenal kuma babu abin da zai bayar.

Fotasiyam ɗinta da ya zauna daidai ya taimaka wajen gane inda matsalar take. Adirenal yana yin wani sinadari, aldositiron, mai riƙe gishiri da fitar da fotasiyam, amma shi ƙoda ce ta fi juya shi, ba fituwitari ba. Idan adirenal ɗin kansa ne ya lalace, kamar a cutar da Thomas Addison ya bayyana a 1855, wadda tarin fuka ke yawan jawowa a ƙasashenmu, duka biyun ke ɓacewa. Fotasiyam ya hau, fata da dasashi da layukan tafin hannu su yi baƙi saboda ACTH ya yi yawa. Nata ba haka ba ne. Daga sama aka yi shiru.

Ƙibar da ba ƙiba ba

Da ta farfaɗo, likitan ya ce ta tsuguna ta tashi ba tare da ta dafa komai ba. Ta kasa. Ta ce ai ta daɗe tana sallah a zaune, kuma taka keken ɗinki ya fara gagararta, ta ɗauka nauyin da ta ƙara ne.

Ba nauyi ba ne, tsoka ce ta tafi. Aikin kotisol na asali shi ne tabbatar da ƙwaƙwalwa ba ta rasa suga ba, ko da sai an rushe wani abu a jiki an ƙera shi. Yana warware furotin ɗin tsoka ya tura hanta, hanta ta mai da shi suga. Yana kuma hana tsoka da kitse karɓar suga yadda insulin ke so. Na 'yan awannin safe wannan alheri ne. Idan ya zama dare da rana, sai tsokar cinya da kafaɗa ta zube, suga ya taru a jini, insulin ya yi ta ƙaruwa, kuma haɗuwar insulin mai yawa da sitiroyid mai yawa ita ke tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya. Ga yunwa da maganin ke tayarwa. Abin da ƙawayenta ke yaba mata a matsayin cikar jiki, naman cinyarta ne aka rushe, kitse ya taru a ciki.

Furotin ɗin da ke riƙe fata ma haka ya tafi, shi ya sa ta yi siriri ta tsage ta zama nankarwa. Wannan nankarwar za ta dusashe amma ba za ta ɓace ba, kuma gara a faɗa wa mace gaskiya tun farko. Ƙashi ma yana zaizayewa a ɓoye, musamman na gadon baya, don haka aka haɗa mata da kalsiyam da bitamin D.

Batun suga yana da ɗan ruɗani. Ta zo da suga a ƙasa, amma ta ce watannin baya tana yawan fitsarin dare da ƙishirwa, har an taɓa auna ta a kemis aka ga 13. Duka biyun gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Lokacin da dekza ta yi yawa suga ya hau, da aka rasa kotisol gaba ɗaya hanta ta kasa riƙe shi. A kwanakin da take karɓar miligiram 200 ya sake hawa, aka bi shi da insulin kaɗan. Bayan ta koma firedinisolon na safe aka gaya mata ta riƙa aunawa da la'asar ko bayan abincin dare. Ƙwayar da aka sha da safe sai da yamma take ɗaga suga, kafin gari ya waye ta sake shi, don haka wanda ke auna na safe kaɗai zai riƙa ganin lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Garkuwar jiki

Zafin jikinta 37.8 ne kawai, kuma bai kamata a yarda da shi ba. Sitiroyid yana toshe sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna, waɗanda su ne ke kawo zazzaɓi da kumburi da ja da raɗaɗi. Wannan ƙarfin ne ya sa kotizon, ɗan'uwan kotisol, ya zama abin mamaki lokacin da aka fara bai wa mai ciwon sanyin gaɓoɓi a asibitin Mayo na Amurka a 1948, har Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami kyautar Nobel a 1950. Amma maganin da ke kashe alamar ciwo yana ɓoye ciwon. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi sosai ba.

Ko a jikin mai lafiya ana ganin hannun agogon a nan. Masu ciwon sanyin gaɓoɓi da asuba suka fi jin gaɓoɓinsu sun ƙage, domin sinadaran kumburi sun samu sarari cikin dare lokacin da kotisol ya kwanta, kuma sai hantsi, bayan ya hau, abin ke sassautawa.

Makeron da ke jikinta ya rasa kamanninsa. Babu zoben nan mai kaifin baki da aka saba gani, ya bazu ne kawai ya yi faɗi. Man yana kwantar da ƙaiƙayin, ita kuma tana ƙara shafawa, naman gwarin yana ƙara samun wuri. Sai da aka haɗa da maganin sha na makonni.

An kuma yi mata hoton ƙirji da gwajin majina, duk da tarin da take yi kaɗan ne. Firedinisolon miligiram 15 a yini na wata ɗaya ko fiye yana cikin abin da aka sani yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance, ita kuwa tana dab da wannan adadin fiye da shekara. Ba a samu komai ba. Da an samu, da sai an sake lissafi, domin rifamfisin, maganin tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin narkar da sitiroyid, kuma wanda adirenal ɗinsa ke barci yana iya sake faɗuwa cikin makonnin farko na maganin tarin idan ba a ƙara masa adadi ba.

Janyewa

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne cewa maganin da ya kai ta asibiti ba za a raba ta da danginsa yanzu ba. Maigidanta ya ce, "Likita, ba wannan ne ya kusa kashe ta ba?" Aka ce masa shansa ya raunana ta, amma dainawa farat ɗaya ce ta kusa kashe ta.

Aka cire dekza da man gaba ɗaya, aka mayar da ita kan firedinisolon, saboda ya fi saurin barin jiki kuma ana samunsa ko'ina, ba kamar ƙwayar haidirokotizon ba. Aka fara da miligiram 15, ana rage 2.5 duk mako biyu, da nufin ta sauka 5 cikin mako takwas. Sharaɗin da aka fi nanatawa shi ne lokaci: sau ɗaya, da sassafe bayan sallar asuba, ba da dare ba. Manufar ita ce a kwaikwayi hawan safe, sannan a bar maganin ya ƙare kafin tsakar dare, fituwitari ya leƙa ya ga babu, ya fara kira. Idan ba a bar masa wannan giɓin ba, ba zai farka ba.

Da ta iso 7.5 ta dawo tana kukan ciwon gaɓoɓi da kasala da ƙuncin rai. Awon jininta daidai a zaune da tsaye, suga daidai, ba amai. Wannan kewar maganin ce, jiki ya saba da mai yawa, ba faɗuwa ba ce irin ta farko. Aka tsaya a kan 7.5 na ƙarin mako biyu, sannan aka ci gaba. A wannan gaɓa mata da yawa ke komawa kemis, musamman da suka ga fuska ta fara faɗawa kuma fata ta fara komawa launinta, wani lokaci har ta fi da duhu na ɗan lokaci.

An ba ta takarda ta riƙa yawo da ita a jaka, an kuma karanta wa maigidan da yayar. Idan zazzaɓi ya kama ta, ta sha miligiram 10 a yini maimakon 5 har ta warke. Idan ta yi amai jim kaɗan bayan shan ƙwayar ta sake sha, in ya sake fitowa a tafi asibiti nan take a ce a yi mata haidirokotizon miligiram 100. Tiyata ko haihuwa ko mummunan rauni, a faɗa wa likita kafin a taɓa ta. Da azumi ya zo, likitan ya ba ta shawarar ta ɗage na wannan shekarar ta rama daga baya, domin yini guda ba ci ba sha cikin zafi shi ne ainihin aikin da adirenal ɗinta bai iya ɗauka ba tukuna.

Gwajin farfaɗowa yana da nasa ƙa'idoji. Ana ɗibar jinin tsakanin ƙarfe takwas da tara na safe, lokacin da kotisol ya kamata ya kasance a sama, kuma sai an yi aƙalla awa ashirin da huɗu da shan ƙwaya ta ƙarshe, saboda na'urori da yawa suna ƙirga firedinisolon a matsayin kotisol. Don haka ranar gwaji da ƙwayar a jaka take zuwa, ta sha bayan an ɗebi jini. An kuma tambaye ta ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin, domin tana ƙara furotin ɗin da ke ɗauke da kotisol a jini, sakamakon ya fito sama da gaskiya. Ba ta sha.

Ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni na Turai da Amurka suka fitar tare a 2024 mai sauƙi ne. Ƙasa da 150 nmol/L, a ci gaba da magani a sake gwaji bayan 'yan watanni. Tsakanin 150 da 300, ana kan hanya, a ci gaba a sake dubawa. Sama da 300, ana iya dainawa. Nata a wata na uku 110 ne. Ta karaya, aka yi mata bayanin cewa haka abin ke tafiya: fituwitari ne ke fara farkawa, ACTH ya yi ta hawa na watanni yana sake gina adirenal, sannan kotisol ya biyo baya. A wata na shida ya kai 220. A wata na goma 340, aka tsayar da firedinisolon.

A lokacin sugarta ya daidaita ba tare da magani ba, tana tashi daga tsugune ba dafawa, ta koma kan kekenta. An bar mata takardar gargaɗin ta ci gaba da riƙewa na ƙarin shekara guda, domin adirenal da ya isa ɗaukar yini na yau da kullum ba lallai ya isa ɗaukar tiyata ko zazzaɓi mai tsanani ba, kuma an ce duk ranar da amai da jiri suka haɗu mata ta zo asibiti a ranar.